Babi na Bakwai: Dabarar Aitken ta Gaggauta Jerin Lambobi Mai Nawa

Akwai matsaloli da yawa a lissafi waɗanda ba a samun amsarsu kai tsaye, sai dai a fara da wani hasashe, a gyara shi, a sake gyara gyararren, har a samu jerin lambobi da ke matsawa kusa da amsar sannu a hankali. Lambar da jerin yake dosa ita ake kira iyakarsa, bambancin da ke tsakanin kowace lamba ta jerin da wannan iyaka kuwa shi ne kuskuren lambar. Idan kuskuren yana raguwa da sauri babu abin damuwa, amma sau da yawa raguwarsa tana da nawa, ta yadda sai an maimaita aiki iri ɗaya sau talatin ko sau ɗari kafin a samu amsar da za a dogara da ita. Dabarar da ke ɗauke da sunan Aitken tana ɗaukar lambobi uku da ke biye da juna a cikin jerin, ta duba yadda suke tafiya, ta yi kirdadon inda za su tsaya ba tare da ta jira sun kai can ba.

Misalin da za a bi a wannan babi shi ne neman lambar da ta yi daidai da kosin ɗinta, wato warware x = cos x, inda ake auna kusurwa da radiyan maimakon digiri. Aljabara ba ta da hanyar fitar da x daga wannan daidaito, amma duk mai kalkuleta zai iya rubuta 1, ya danna maɓallin cos, ya sake dannawa a kan abin da ya fito, ya ci gaba da haka, zai kuma ga lambobin suna taruwa a kusa da wuri ɗaya. Ga bakwai na farko:

```
x0 = 1.000000
x1 = 0.540302
x2 = 0.857553
x3 = 0.654290
x4 = 0.793480
x5 = 0.701369
x6 = 0.763960
```

Amsar gaskiya ita ce 0.7390851332, don haka bayan danna maɓallin sau shida kuskuren da ya rage ya kai kusan 0.025, ko lamba ta biyu bayan ɗigo ba ta zauna ba tukuna. Lambobin suna lilo a gefe biyu na amsar, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma kowane kuskure yana kusa da kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Da irin wannan tafiya sai an yi kusan matakai shida kafin a ƙara lamba ɗaya tabbatacciya bayan ɗigo, wanda kuma yake son shida tabbatattu sai ya danna maɓallin fiye da sau talatin.

Abin lura a nan shi ne nawar tana da tsari, kuma a kan wannan tsari dabarar ta ginu. A ɗauka cewa kowane kuskure daidai yake da wanda ya gabace shi an ninka shi da wata tsayayyiyar lamba, wadda za a kira rabo, a kuma rubuta ta da harafin r. Idan iyakar ita ce s, to x1 − s = r(x0 − s), haka kuma x2 − s = r(x1 − s). Da zarar an ɗebe daidaito na farko daga na biyu sai s ta ɓace gaba ɗaya, a samu x2 − x1 = r(x1 − x0), wanda ke nufin ana iya gano rabon ko da ba a san iyakar ba, ta hanyar raba tazarar da ke tsakanin lamba ta biyu da ta uku da tazarar da ke tsakanin ta farko da ta biyu. Idan kuwa an san rabon, an san duk matakan da suka rage, domin mataki na gaba zai zama tazarar ƙarshe sau r, na bayansa tazarar ƙarshe sau r², haka har abada, kuma jimillar r + r² + r³ da duk abin da ya biyo baya ita ce r/(1 − r) muddin girman r bai kai 1 ba. Ana ƙara wannan jimilla, an ninka ta da tazarar ƙarshe, a kan x2, sai a sauka a kan iyakar da tsalle ɗaya.

A al'adar masu lissafi ana rubuta tazara da harafin Girkanci delta, Δ, tazarar da ke tsakanin tazara biyu kuma ana rubuta ta Δ², daga nan ne dabarar ta samo sunan Δ² da aka fi saninta da shi. Idan aka shirya abin da aka bayyana a sama da waɗannan alamomi, sai ya zama haka:

```
Δx0  = x1 − x0
Δx1  = x2 − x1
Δ²x0 = Δx1 − Δx0
A0   = x2 − (Δx1)² / Δ²x0
```

Ya kamata a lura cewa ƙaramin 2 da ke kan delta a Δ²x0 ba ya nufin ninka abu da kansa, yana nufin ɗaukar tazara sau biyu ne, alhali 2 da ke wajen baka a (Δx1)² ninkawar ce ta gaske. Masu koyo sukan haɗa biyun su soke su da juna, su samu amsar da ba ta da ma'ana.

Idan kuskuren yana raguwa da tsayayyen rabo sak, A0 ita ce iyakar kanta ba tare da ragi ba. A jerin kosin rabon bai tsaya cak ba, yana ɗan motsi, don haka abin da za a samu hasashe ne kawai, amma hasashen da ya fi lambobin da aka gina shi da su nesa ba kusa ba. Da lambobi uku na farko, tazara ta farko ita ce −0.459698, ta biyu 0.317251, bambancinsu kuma 0.776949. Tazara ta biyu idan aka ninka ta da kanta tana ba da 0.100648, idan aka raba wannan da 0.776949 a samu 0.129543, idan kuma aka ɗebe shi daga 0.857553 a samu A0 = 0.728010. Kuskuren x2 ya kai 0.118, na A0 kuwa 0.011 ne kacal, wato ya ragu fiye da sau goma ba tare da an sake taɓa maɓallin kosin ba. Wannan hasashe da aka samu daga dannawa biyu ma ya fi x6 kusa da amsar.

Daga nan sai a matsa gaba da lamba ɗaya, a ɗauki x1 da x2 da x3, a sake yin aikin, sannan x2 da x3 da x4, har zuwa ƙarshen abin da ake da shi. Lambobi bakwai suna ba da hasashe biyar:

```
n    Δx(n+1)/Δx(n)    An          An − s
0    −0.6901          0.728010    −0.011075
1    −0.6407          0.733665    −0.005420
2    −0.6848          0.736906    −0.002179
3    −0.6618          0.738050    −0.001035
4    −0.6795          0.738636    −0.000449
```

Hasashe na ƙarshe, A4, an gina shi da x4 da x5 da x6, kuskurensa kuma 0.00045 ne, alhali jerin asali ba ya kaiwa wannan matsayi sai a x17. An tsallake dannawa goma sha ɗaya ke nan da ɗebewa huɗu da ninkawa ɗaya da rabawa ɗaya. Ga kosin wannan ba wani babban rangwame ba ne, tunda kalkuleta tana fitar da shi cikin ƙiftawar ido, amma inda kowace lamba ta jerin take cin kwamfuta sa'a guda kafin ta fito, rangwamen yana da nauyi.

Shafi na biyu na jadawalin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne shaidar cewa dabarar ta dace da wannan jeri. Rabon yana kai-komo, daga −0.69 zuwa −0.64, ya dawo −0.68, amma faɗin kai-komon yana raguwa, kuma yana taruwa a kan −0.6736. Wannan lamba ba ta faɗo daga sama ba: a duk jerin da ake samu ta maimaita aiki ɗaya, rabon yana dosar gangaren aikin a daidai wurin amsar, wato yawan yadda abin da ke fita yake canzawa idan abin da ke shiga ya canza kaɗan, gangaren kosin kuwa shi ne −sin x, wanda a 0.739085 yake ba da −0.6736. Alamar ɗebewa da ke gabansa ita ce dalilin lilon da aka gani tun farko. Shafi na ƙarshe kuma yana nuna wani abu na daban, domin kurakuran sabon jerin duk suna gefe ɗaya, kuma kowanne bai kai rabin wanda ya gabace shi ba. Dalili shi ne dabarar ta share ɓangaren kuskure da ke raguwa da rabon r, abin da ya rage kuwa shi ne ɓangaren da lanƙwasar kosin ta haifar, wanda girmansa ke tafiya da kuskure sau kuskure, don haka yake raguwa da rabon r², wato kusan 0.454. Ashe sabon jerin ma da tsayayyen rabo yake tafiya, illa dai rabon ya fi ƙanƙanta.

Tunda haka ne, babu abin da zai hana a sake aiwatar da dabarar a kan sabon jerin. Idan aka yi haka da A2 da A3 da A4 ana samun 0.739250, mai kuskuren 0.000165. An ci gaba, amma ribar ba ta kai ta zagayen farko ba, kuma ana iya ganin dalili a lambobin: rabon tazarar waɗannan uku ya fito 0.512, alhali inda yake dosa 0.454 ne, wato bai zauna ba tukuna.

Akwai hanyar da ta fi wannan riba idan mai lissafi yana da ikon zaɓen inda zai ci gaba. Tunda A0 ta fi x2 kusa da amsar, babu hikima a ci gaba da danna kosin a kan x2, gara a watsar da ita a fara sabon jeri daga A0. Kosin ɗin 0.7280103615 shi ne 0.7464997560, kosin ɗin wannan kuma 0.7340702838, idan aka aiwatar da fomular a kan waɗannan uku sai a samu 0.7390669669, wadda kuskurenta kusan 0.000018 ne kawai. Zagaye ɗaya kuma irin wannan yana ba da 0.7390851332, daidai da amsar har lamba ta goma bayan ɗigo, kuma duka-duka sau shida aka nemi kosin, daidai adadin da ya bar jerin asali a 0.763960. Wannan tsari shi ake kira dabarar Steffensen, da sunan masanin ƙasar Denmark Johan Frederik Steffensen wanda ya wallafa shi a 1933. A cikinsa adadin lambobin da suka tabbata yana kusan ninkuwa biyu a kowane zagaye, kamar yadda yake a dabarar Newton, amma ba tare da buƙatar a san fomular gangaren aikin ba. Sai dai wannan hanya tana yiwuwa ne kawai inda ake samun kowace lamba daga wadda ta gabace ta. Idan jerin jimilla ce da ake tarawa kashi-kashi, babu wurin da za a sake farawa.

Alexander Craig Aitken, wanda aka haifa a Dunedin ta ƙasar New Zealand a 1895, ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Edinburgh a ƙarƙashin E. T. Whittaker, a can ya yi aikinsa, ya rasu a 1967, kuma ya yi suna wajen yin manyan lissafai da ka. Ya gabatar da dabarar a wata maƙala ta 1926 a kan hanyar Daniel Bernoulli ta gano mafi girman amsar daidaiton aljabara, hanyar da take nawa ƙwarai idan amsoshi biyu mafiya girma suna kusa da juna, domin rabon raguwar kuskurenta shi ne ta biyu a kan ta farko. Amma ba shi ne ya fara amfani da fomular ba. Masanin Japan Seki Takakazu, wanda ya rasu a 1708, ya yi aiki da ita wajen ƙididdige π, inda ya auna kewayen siffofi masu gefe 32,768 da 65,536 da 131,072 da aka zana a cikin da'ira. Wannan jeri ya dace da dabarar matuƙa, domin duk lokacin da aka ninka yawan gefuna biyu kuskuren yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Fomular ba ta da hanyar sanin ko zaton da aka gina ta a kansa gaskiya ne, duk lambobi uku da aka ba ta za ta mayar da amsa. Idan aka ba ta 1 da 3 da 7, waɗanda su ne farkon jimillar 1 + 2 + 4 + 8 da ke hauhawa ba iyaka, tazarar ta zama 2 da 4, bambancinsu 2, amsar kuma 7 − 16/2 = −1, lambar da jerin ba ya dosa ko kaɗan. Wannan kuskure yana da sauƙin ganewa tunda rabon 2 ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne jerin da ke da iyaka ta gaske amma rabonsa yana hawa zuwa 1, kamar jimillar 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 da sauransu, wadda Euler ya nuna cewa iyakarta π²/6 ce, kusan 1.644934. Jimillar kashi uku ita ce 1.361111, ta huɗu 1.423611, ta biyar 1.463611, don haka tazarar ta zama 0.0625 da 0.04, rabonsu kuma 0.64, lambar da a ido ba ta da wani aibi, tunda ta yi kama da ta jerin kosin. Fomular tana ba da 1.534722, wato kuskuren ya sauko daga 0.181 zuwa 0.110 kawai. Komai nisan da aka yi a cikin wannan jeri, iyakar abin da dabarar za ta yi shi ne rage kuskuren zuwa kusan rabi, sabon jerin kuma nawarsa iri ɗaya ce da ta tsohon.

Inda ake gane wannan matsala shi ne a jera rabo da yawa maimakon a dubi ɗaya. A wannan jimilla suna fitowa 0.44, 0.56, 0.64, 0.69, suna ta hawa gefe ɗaya ba sa dawowa, a wajen kashi na goma sun haura 0.8, a wajen na ɗari sun kai 0.98. Dabarar tana ɗauka cewa rabon zai tsaya a 0.64, sai ta ƙididdige sauran tafiyar a kan haka, alhali matakan da ke gaba za su ragu a hankali fiye da yadda ta zata, shi ya sa kullum take tsayawa ƙasa da iyakar. Rabon da ke dosar −1 kuwa ba shi da wannan illa, saboda abin da ke ƙarƙashin layin rabawa shi ne 1 − r, wanda a nan yake dosar 2. Jimillar 4 − 4/3 + 4/5 − 4/7, wadda ke dosar π da nawar da ta yi ƙaurin suna, misali ce mai kyau: kashi uku na farko suna tsayawa a 3.466667, amma fomular tana mayar da su 3.166667, kuskuren ya sauko daga 0.325 zuwa 0.025.

Matsala ta ƙarshe daga lambobin kansu take fitowa. Kowace lamba da aka auna ko aka yanke a wani gurbi bayan ɗigo tana ɗauke da ɗan kuskure, kuma fomular tana iya ninka wannan kuskure da abin da ya kai (1 + |r|)²/(1 − r)², inda |r| yake nufin girman rabon ba tare da alamarsa ba. Ga jerin da ke lilo, mai rabo ƙasa da sifili, wannan adadi 1 ne daidai, shi ya sa lambobi shida bayan ɗigo suka wadatar a misalin kosin. Ga rabon 0.9 kuwa adadin 361 ne. A ɗauki 1.1 da 1.09 da 1.081, waɗanda ke dosar 1 da rabon 0.9 sak: tazarar −0.01 ce da −0.009, bambancinsu 0.001, fomular kuma tana ba da 1 cif. Idan lambar tsakiya ta zo a 1.0901, wato ta kauce da kashi ɗaya cikin dubu goma, bambancin tazarar ya koma 0.0008, amsar ta zama 0.9775. Idan ta zo a 1.0905, tazara biyun sun zama ɗaya, bambancinsu sifili, rabawar ma ba ta yiwuwa. Wannan yana nufin jerin da ya fi buƙatar a gaggauta shi, mai rabo kusa da 1, shi ne kuma wanda ya fi buƙatar a riƙe lambobi masu yawa bayan ɗigo, kuma bai kamata a yi amfani da dabarar a kan ma'aunin da aka ɗauko da na'ura mai rawa ba sai an tabbatar cewa Δ² ta fi rawar na'urar girma sosai.

Saboda wannan dalili ne ma aka rubuta fomular a siffar da ke sama. Aljabara tana ba da damar a haɗa ta ta zama (x0·x2 − x1²)/Δ²x0, wadda ta fi gajarta a takarda, amma a wannan siffa ana ɗebe manyan lambobi biyu masu kusan girma ɗaya, sai lambobin farko da suka yi tarayya a kai su soke juna, a bar wutsiya wadda yawancinta kuskuren yankewa ne, sannan a raba ta da ƙaramar lamba. A siffar da aka yi aiki da ita, x2 tana nan yadda take, rabawar tana shafar ƙaramin gyaran da za a ɗebe ne kawai, ko da an yi asarar rabin lambobin gyaran amsar ba ta lalace ba. Mai rubuta wannan a kwamfuta yana kuma buƙatar ya duba girman Δ²x0 kafin ya raba, domin idan jerin ya kusa iyakarsa tazara biyun suna ƙanƙancewa har su kai girman kuskuren yankewar na'urar, wanda a lissafin da aka saba yi da lambobi kusan goma sha shida yake kusa da 10⁻¹⁶ na girman lambar. Idan an kai nan sai shirin ya mayar da x2 a matsayin amsa, ya tsaya.